Albashi ya makara, kuɗin haya ya yi: abin da ke kan ɗan haya da mai gida a Jugu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Cikin ƙararrakin da ake kawo wa limamai da masu unguwa a Jugu, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Djougou, akwai rigimar haya. Sau da yawa ɗan hayan ma'aikaci ne mai albashi, amma wata ya ƙare ba a biya shi ba. Mai gida kuma yakan kasance dattijo ko gwauruwa da ke cin abinci da kuɗin ɗakuna uku ko huɗu. Kowannensu yana da gaskiya, shi ya sa maganar take buƙatar a zauna a yi lissafi.

Mu fara da inda matsalar take fitowa. Tun ranar 1 ga Janairu 2023 mafi ƙarancin albashi a Jamhuriyar Benin ya tashi daga sefa 40,000 zuwa 52,000. Wanda ke karɓar kusan wannan adadi da wuya ya iya ajiye kuɗin wata guda a gefe, don haka makarar mako biyu ta isa ta jefa shi cikin bashi. Malaman da gwamnati ta fara ɗauka a 2019 a tsarin da ake kira AME sun yi shekaru ba a biyan su dukan watannin shekara, sai a Maris 2024 aka yanke shawarar biyan su wata goma sha biyu. Malaman makarantu masu zaman kansu har yanzu albashinsu yana rataye da kuɗin makaranta, wanda iyaye ke biya kashi-kashi. Haka nan rufe iyakar Nijar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rage zirga-zirgar manyan motoci ta Malanbil, kuma direbobi da yaran mota da ma'aikatan shaguna a Paraku da sauran garuruwan arewa sun ji a jikinsu. Idan ciniki ya ja baya, albashin yara ne yake fara makara.

Shari'a ta raba wanda ake bi bashi gida biyu. Akwai mai hali da yake ja wa mai haƙƙi rai, kuma hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim ya kira wannan zalunci. Akwai kuma wanda yake cikin ƙunci, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara masa har ya samu. Kuɗin haya na watan da aka riga aka zauna bashi ne kamar kowane bashi, don haka hukuncin ya hau kansa. Ma'aikacin da albashinsa ya makara yana da dukiya, amma tana hannun wani. Ya cancanci a jira shi gwargwadon makarar. Daga ranar da kuɗin suka shiga hannunsa kuwa ya koma mai hali, duk kwanan da ya ƙara ba tare da yardar mai gida ba yana cin haƙƙi ne.

Ta yaya mai gida zai gane wane iri ne a gabansa? Mai gaskiya yakan zo kafin ranar biya, ya faɗi inda yake aiki da watan da ba a biya ba, kuma bai damu a tambayi abokin aikinsa ba. Yakan zo da ɗan abin da ya samu, ko jaka biyu ce. Mai ja da rai kuwa sai an neme shi, yana fita da asuba ya dawo bayan lisha, kuma kullum dalilinsa sabo ne. Idan abokan aikinsa sun karɓi albashi shi kuma yana cewa ba a biya ba, magana ta ƙare.

Ga misali don a ga yadda lissafin yake. Mu ɗauki malamin wata makaranta mai zaman kanta, albashinsa sefa 60,000, yana hayar ɗaki da falo a Zongo a kan 15,000, ana biya ranar 5 ga kowane wata. Ba a biya shi albashin Oktoba da na Nuwamba ba, don haka hayar 5 ga Nuwamba da ta 5 ga Disamba sun taru, 30,000 ke nan. Kuskuren da aka fi yi shi ne ya ce: "Baba Alhaji, da zarar an biya mu zan kawo duka." Wannan alkawari ba shi da rana. Kuma idan albashin wata ɗaya kawai aka ba shi a ƙarshen Disamba, hayar Janairu za ta hau kan tsohon bashi ta zama 45,000, ya rage masa 15,000 ya ci da iyali wata guda. Ba zai iya ba, sai ya saɓa, daga nan yarda ta tafi.

Abin da ya fi shi ne ya zo da abin da yake iyawa. Ya ce: "Baba Alhaji, ga jaka biyar daga kuɗin darasin yamma da nake yi wa yara. Saura jaka ashirin da biyar. Daga 5 ga Janairu zan riƙa kawo jaka ashirin kowane wata, sha biyar ta haya, biyar ta bashi, in Allah ya yarda in gama ranar 5 ga Mayu." Wata biyar ke nan, kowane wata 5,000, ya cika 25,000. Kashi ɗaya cikin uku na albashinsa ne zai riƙa fita, kuma zai gama kafin dogon hutu, lokacin da makarantu masu zaman kansu da dama ba sa biyan malamai. Mai gida yana da damar ya sa sharaɗi cewa in makaranta ta biya tsohon albashin nan na 120,000 a dunƙule, to a kawo ragowar bashin cikin kwana uku. Sharaɗi ne na adalci, domin ƙuncin da ya sa aka yi jinkirin ya gushe. Kuɗin wuta da na ruwa kuwa, in mita ɗaya ake rabawa a gidan, kada a sa su cikin abin da za a jinkirta, don in aka yanke wuta maƙwabta ne za su kwana cikin duhu.

Sannan a rubuta. Aya ta 282 a Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi mai ajali da kafa shaidu ta sauka. Takarda guda ta isa: jimillar bashi, abin da aka bayar yau, ranakun biya, sa hannun mutum biyun da na shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Duk biyan da aka yi a karɓi rasit, in ta waya aka tura kada a goge saƙon. Rigingimu da yawa suna tashi ne bayan wata huɗu, lokacin da ɗaya ke cewa saura jaka goma, ɗayan na cewa sha biyar.

Inda muke jan kunnen masu gidaje shi ne tarar makara. Idan Alhaji ya ce ya yarda da tsarin amma a ƙara 1,000 kowane wata saboda jira, bashin 25,000 ya koma 30,000, kuma wannan ƙarin riba ce irin wadda Alƙur'ani ya haramta, wato ƙarin kuɗi a madadin ƙarin lokaci. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta yanke cewa ba a ɗora wa wanda ya makara da biyan bashi wani ƙari, ko an sharɗanta ko ba a sharɗanta ba. Amma ta halatta a sharɗanta cewa in ya saɓa wani kashi, ragowar kason duka ya zama abin biya nan take. Wannan ita ce kariyar da mai gida zai nema. Ɗan haya shi ma kada ya gudu daga kunyar mai gida ya faɗa hannun masu ba da bashi da ruwa, ya biya haya da abin da zai ci albashinsa na wata shida.

Dokar ƙasa ma ba ta bar kowa ya yi yadda ya so ba. Dokar hayar gidajen zama ta ƙayyade kuɗin ajiya da mai gida zai karɓa kada ya wuce na wata uku. Wannan ajiya jingina ce saboda ɓarna da bashin ranar tashi, ɗan haya ba zai ce a ci ta a madadin haya ba sai mai gida ya yarda. In ya yarda, a rubuta yadda za a mayar da ita. Fitar da mutum daga gida kuma aikin kotu ne. Cire ƙofa, ko kwance kwanon rufi, ko zubar da kaya a titi yana iya mayar da mai haƙƙi ya zama wanda ake ƙara. A kotun ma, sashe na 39 na dokar OHADA kan karɓar bashi, wadda Benin ke aiki da ita, ya ba alƙali damar jinkirta biya ko raba shi kashi-kashi har zuwa shekara guda, bayan ya duba halin wanda ake bi da buƙatar mai bi. Ke nan mai gida zai iya kashe kuɗin ƙara ya dawo da irin tsarin da limami zai shirya masa cikin zama ɗaya.

Sai dai sauraro yana da iyaka. Umarnin jira ya shafi bashin da ya riga ya taru, bai wajabta wa mai gida ya ci gaba da ba da ɗakinsa kyauta har abada ba. In an kai wata uku babu alamar albashi, ko aikin ya tsaya gaba ɗaya, gaskiya ita ce ɗan haya ya nemi ɗaki mai sauƙi ko ya koma wurin dangi, ya tashi da takardar bashinsa a rubuce. Idan mai gidan marayu yake ciyarwa da kuɗin, to nauyin ya koma kan jama'ar masallaci. Wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba zakka, kuma bashi marar ruwa daga asusun masallaci zai iya rufe wata ɗaya. A lura cewa a mazhabarmu ta Malikiyya mai gida ba zai yafe bashin wanda ba shi da abin biya sannan ya lissafa shi cikin zakkarsa ba. Yafewar sadaka ce mai lada, zakka kuma tana nan a kansa.

Akwai mutum na uku da ba ya zuwa wurin sulhu, alhali daga wurinsa abin ya taso, wato mai aikin da ya riƙe albashi. Buhari ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya cika masa, shi kuma ya hana shi ladansa. Mai makaranta ko mai shago da kuɗi suka yanke masa, mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne ya ba da wani kaso, ya faɗi ranar cikawa, ya rubuta wa ma'aikacinsa takardar shaida da zai nuna wa mai gida. In ya ƙi, ofishin sufeton ƙwadago na nan don irin wannan.

Muna kira ga limamanmu na Jugu da Paraku, idan aka kawo irin wannan ƙara, bayan nasiha a ɗauko takarda da alƙalami a fitar da adadi da rana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ji Ka'abu ɗan Malik yana bin Ibnu Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyi suka tashi, sai ya nemi Ka'abu ya sauke rabi, ya umarci ɗayan ya tashi ya biya ragowar. Kowanne ya bar wurin ya san abin da ke kansa.

Allah ya yaye wa masu bashi, ya sa albarka a dukiyar masu sauraro. Allah ne mafi sani.