Ku Tashi Mu Yi Gudu, Amma Mu San Ranar Hutu

Ya ku mutanen Damagaram, na Birni da na Zango da na Sabon Gari, samari da 'yan mata, magidanta da iyayenmu mata, ina kiran ku zuwa ga gudu. Kada wanda ya ce ba zai iya ba. Mafi yawan waɗanda suka gwada suka bari, rashin tsari ne ya kayar da su. Mutum ya tashi ranar farko da zafin nama, ya kama hanyar Mirriya yana sheƙa gudu har numfashi ya ƙare, gobe ya sake, jibi ya sake. Kafin mako ya zagayo ƙwaurinsa ya ɗauki ciwo, gwiwa ta kumbura, ya jefa takalmin ƙarƙashin gado ya ce gudu ba nasa ba ne. Alhali laifin na gaggawa ne.

Ga dalilin. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki, cikin makonni kaɗan za ka ji hakin ya ragu. Ƙashi da jijiyoyi da agara kuwa suna buƙatar watanni. Duk takun da ka yi a guje, ƙafarka tana ɗaukar nauyin da ya ninka nauyin jikinka sau biyu ko fiye, kuma hakan yana barin 'yar ƙaramar ɓarna a ƙashi da tsoka. A ranar hutu ne jiki yake gyara wannan ɓarna, ya ƙara ƙarfin wurin fiye da yadda yake a da. Wanda ya hana ƙafarsa hutu, ɓarna yake tarawa a kan ɓarna. Shi ya sa a tsarin da nake kiran ku gare shi, ranar hutu tana da nata umarnin kamar yadda ranar gudu take da nata.

Tsarin ba sabo ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ya fitar da shi a 1996, daga baya hukumar lafiya ta Birtaniya ta rungume shi tana koya wa jama'arta. Makonni 9 ne, gudu sau uku a mako, da hutun aƙalla kwana ɗaya tsakanin kowane gudu. Mu a nan sai mu ɗora shi a kan kwanakinmu: Asabar, Litinin da Laraba. Lahadi da Talata hutu. Alhamis, ranar da Kasuwar Dole take cika, ƙafa tana da aikinta, ga kuma Juma'a a bayanta. Kwana biyu ke nan a jere kafin a ƙara nauyi ranar Asabar.

Kowace fita tana farawa da tafiya mai sauri ta minti 5, tana ƙarewa da irinta. A makon farko, sassarfa minti 1, tafiya minti 1 da rabi, a yi ta maimaitawa har minti 20 su cika. Shi ke nan. Na san saurayi mai jini a jika zai raina wannan, amma ina roƙonsa ya bi shi yadda yake. A mako na biyu sassarfa ta zama minti 1 da rabi, tafiya minti 2. A na uku a shigo da sassarfar minti 3, a na huɗu ta minti 5. Mako na biyar shi ne mai ban tsoro, domin a ranarsa ta uku ake yin minti 20 ba tsayawa, kuma a nan ne mutane da yawa suke mamakin kansu. Daga nan minti 25 a ranar ƙarshe ta mako na shida da duk na bakwai, 28 a na takwas, 30 a na tara. Ma'aunin sauri ɗaya ne tak: idan ba za ka iya yi wa na kusa da kai magana da cikakkiyar jimla ba, ka yi sauri da yawa, sassauta. Makon da ya gagare ka kuma, maimaita shi kafin ka wuce gaba.

To, wa zai riƙe wa mutum duk wannan lissafi a ka? A nan ne nake son fadojinmu su shigo. Kowace fada da ake zaman shayi, kowace ƙungiyar mata, kowane ɗakin ɗalibai a Jami'ar André Salifou, a zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana. Aikinsa aika saƙo ɗaya kullum ta salula bayan sallar Isha'i, a kan abin da za a yi gobe kaɗai. Kada ya tura tsarin makonni 9 gaba ɗaya, domin mai ganin minti 30 tun ranar farko gwiwarsa za ta yi sanyi. Daren Juma'a sai ya rubuta: "Gobe Asabar bayan Asuba. Tafiya minti 5, sannan sassarfa minti 1, tafiya minti 1 da rabi, sau takwas. Sha ruwa kafin ka fito." Daren Asabar kuma: "Gobe Lahadi hutu ne, ba gudu. Tsamin cinya ba komai ba ne. Wanda yake jin ciwo a wuri ɗaya ya faɗa mini." Wannan saƙo na biyu kada a taɓa tsallake shi. Idan salula ta yi shiru ranar hutu, mai ƙwazo zai fita ya yi gudun da ba a sa shi ba, mai kasala kuma zai manta da zancen baki ɗaya. Wanda ba ya karatu a tura masa da murya. Wanda ba shi da salula, maƙwabcinsa ya faɗa masa a ƙofar masallaci.

Ku koyi bambanta ciwo biyu. Tsamin jiki yana kama ƙafafu biyu tare, ya fi tsanani kwana ɗaya ko biyu bayan gudu, kuma yana saki idan jiki ya ɗumama. Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashin ƙwauri, wanda za ka iya nunawa da yatsa, yana ƙaruwa in kana gudu ko yana sa ka ɗingishi, wannan na tsayawa ne, kuma idan ya wuce 'yan kwanaki a je likita. Ciwon ƙirji, jiri ko duhun gani, a tsaya nan take. Mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai ciwon zuciya da mai juna biyu, su fara ganin ma'aikacin lafiya kafin fitar farko.

Garinmu kuma yana da nasa sharuɗɗan. A bazara, Afrilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40, saboda haka gudu bayan Asuba ne kawai, kuma ba laifi a tsaya a kan mako guda har sau biyu. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari, mai asma ya ɗage fitarsa zuwa gobe, mai saƙo ya matsar da sauran kwanakin, kada a haɗa gudu biyu a jere don ramuwa. A watan azumi a mayar da fitar zuwa dare bayan an sha ruwa, kuma kada a ƙara mintuna. Ku nemi ƙasa mai tauri da ba ta da gargada. Rairayi mai zurfi yana wahalar da agara, gefen kwalta kuma ga kabu-kabu da manyan motoci. A sa takalmi mai ɗauri, ban da silifa.

'Yan'uwa mata, wannan kira naku ne ku ma. Ku haɗu uku ko huɗu, ku zaɓi farfajiyar makaranta ko tsakar gida mai faɗi, domin tsarin da agogo ake auna shi, ba a buƙatar doguwar hanya. Maza kuma ku ba su wuri da mutunci.

Yau da daddare, a fadarku, ku zaɓi mai saƙo, ya rubuta sunayen duk masu so, ya tambayi kowa ko yana da wata larura. Daren Juma'a mai zuwa ya aika saƙon farko, Asabar bayan Asuba mu haɗu a kan minti 1 na sassarfa.