Kafin a tura amsa ga abokin aiki: inda kaifin magana ke ɓuya a rubutun Hausa

Idan Sallah ta rage kwana goma, shagunan ɗinki na cikin birnin Kano, daga Soron Ɗinki har zuwa lungunan da ke kewaye da Kasuwar Kurmi, ba sa barci. Mai yanka yana Kantin Kwari neman shaddar da ta dace, mai ɗinki yana kan keke, mai aikin wuya kuma yana wata unguwar. Abin da ke haɗa su shi ne WhatsApp. A irin wannan lokaci ne gajeriyar amsa, wadda aka rubuta ba tare da nufin komai ba, take raba mutanen da suka shekara biyar suna cin abinci a kwano ɗaya.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a yi ta zuba "don Allah" da alamar murmushi. Wannan bai isa ba. Rubutun Hausa yana da wurare sanannu inda kaifi ke ɓuya, kuma wanda ya san su zai iya duba amsarsa cikin minti ɗaya, ba tare da ya rage gaskiyar da ke cikinta ba.

Me ya sa mai rubutu ba ya jin kaifin da kansa?

Dalilin shi ne yana karanta saƙon da muryar da ke cikin kansa. Ya san cewa sauri yake yi, ya san bai ƙullaci kowa ba. Wanda aka tura wa kuwa haruffa kawai ya samu. A shekarar 2005 masanan halayyar ɗan'adam Justin Kruger da Nicholas Epley, tare da abokan aikinsu, sun wallafa wani bincike a Amurka inda aka sa mutane su aika gajerun jimloli, wasu na gaske, wasu na gatse. Masu aikawa ta imel sun zaci za a gane nufinsu kusan sau 80 cikin 100. Abin da aka gane bai wuce kimanin 56 cikin 100 ba, wato kaɗan ya ɗara canke. Da aka faɗi jimlolin da baki, fahimtar ta ƙaru sosai. A 2008 kuma Kristin Byron ta yi bayanin cewa a wurin aiki saƙon da aka rubuta da fara'a kan isa tamkar ba yabo ba fallasa, wanda kuma ba yabo ba fallasa kan isa tamkar da fushi.

Da Turanci aka yi waɗannan nazarce-nazarce. A Hausa matsalar ta fi haka zurfi, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. A baki, "ka" ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai tsawo da ake ɗaga murya a kanta, wadda ke nufin an riga an yi abu. Akwai gajeriya da ake sauke murya, wadda ke nufin umarni. A rubuce duk "ka" ce. Saboda haka "ka rage hannun rigar" tana iya zama labari, tana iya zama umarni, idan kuma aka manta da alamar tambaya, tana iya zama tambaya. Ga mace rubutun yana bambance "kin" da "ki", amma ga namiji babu wannan sa'a.

Misali daga shagon tela

A ɗauki wani shago mai ma'aikata shida. Mai yanka saurayi ne, shi ke riƙe da littafin awo. Mai ɗinki dattijo ne da ya girme shi da shekara goma sha biyar, yaran shago suna ce masa Baba, mai yanka yana ce masa Yaya. An kawo shadda yadi goma, babbar riga da 'yar ciki da wando. Dattijon ya rubuta a zauren shagon na WhatsApp: "Tsawon hannun 'yar cikin Alhaji inci nawa ne?"

Mai yanka yana tsakiyar ciniki a Kwari, da hannu ɗaya ya rubuta: "Ai na rubuta a littafi. Ka duba."

A zuciyarsa taimako ya yi: ya nuna inda amsar take, har ya tambaya ko an duba. Amma abin da ya isa ga dattijon abu huɗu ne, kowanne da nauyinsa.

Na farko, babu sunansa kuma babu gaisuwa. A al'adar Kano, ƙarami ba ya faɗa wa babba magana tsirara. "Yaya" ko "Malam" a farkon jimla ita ce ke nuna cewa matsayin kowa yana nan yadda yake. Idan mutum ya saba sa ta, ranar da ya cire, cirewar ita kanta magana ce.

Na biyu, kalmar "ai". Aikinta shi ne nuna cewa abin da ake faɗa sananne ne, ya kamata mai sauraro ya riga ya sani. A baki, da dariya, takan zama tuni mai laushi. A rubuce takan koma "me ya hana ka sani?". Haka 'yan'uwanta suke: "fa" takan zama gargaɗi, "mana" takan zama ƙosawa, "dai" takan zama shakka. "Na gani" da "na gani dai" ba magana ɗaya ba ce.

Na uku, "ka duba". Shi tambaya ya yi, amma bai sa alamarta ba, sai dattijon ya karanta da gajeriyar "ka": yaron da aka koya wa riƙon almakashi yana ba shi umarni.

Na huɗu, kuma mafi muni, ba a ba da amsar ba. An tambayi adadi, aka mayar da mai tambaya ga littafi, kuma a gaban yara huɗu da ke cikin zauren. Abin da za a iya haɗiyewa tsakanin mutum biyu, a gaban almajirai cin fuska ne.

Asarar ba ta tsaya ga ɓacin rai ba. Dattijon ba zai yi faɗa ba. Zai amsa da "To." kawai, sannan ya daina tambaya. Ranar da littafin ba ya kusa, zai kimanta awo da ido maimakon ya sake jin an ce ya duba. Hannun da ya kamata ya zama inci 25 ya fito 23, kuma yadin da aka yanke ba ya komawa. Mai kaya ya zo ana gobe Sallah, shago ya biya shadda, ya kuma rasa abokin ciniki.

Yadda ake dubawa

Hanya mafi sauƙi ita ce mai rubutu ya karanta saƙon da muryar da ba tasa ba. Ya karanta shi a hankali da murya mafi sanyi, irin ta wanda ke jin haushi. Idan kalmomin sun karɓi wannan murya ba tare da an canja ko harafi ɗaya ba, to mai karɓa ma zai iya jin su haka. "Ai na rubuta a littafi. Ka duba." ta karɓe ta tsaf.

Daga nan sai gyara, kuma gyaran ba tsawaita magana ba ne. A fara da kiran mutum yadda aka saba kiransa. A sa amsar da aka nema a gaba. A cire "ai". A mayar da umarnin kai tsaye zuwa sigar "a", wadda Hausa ta tanada don a nemi abu ba tare da nuna mutum da yatsa ba. Sai saƙon ya zama: "Yaya, sannu da aiki. Inci 25 ne. Yana shafin Alhaji a littafi, a ƙara dubawa ko na yi kuskure." Daƙiƙa goma ce ta ƙaru. An ba da adadin, an ambaci littafin, kuma dubawar ta koma neman taimakon babba.

Idan akwai ƙorafi na gaske, misali dattijon ya saba tambayar abin da ke rubuce, wurinsa daban ne. Ba a cusa shi cikin amsar awo, ba a kuma yin sa a zaure. A bari a haɗu, ko a kira shi.

Ga wanda rubutu ke ba wuya, saƙon murya yana dawo da karin sautin da haruffa suka zubar. Tun ƙarshen 2021 WhatsApp ya ba da damar a saurari saƙon murya kafin a tura shi. Sai dai shi ma yana da tarko: mai karɓa na iya sauraron sa da saurin 1.5x ko 2x, wanda ke sa lallausar murya ta zama kamar ta mai faɗa, kuma wanda ke magana cikin hayaniyar kasuwa yakan ɗaga murya ba da saninsa ba. Adadi kuwa, irin su inci da kuɗi da ranar karɓar kaya, gara a rubuta su.

Idan saƙon ya riga ya tafi

Tun watan Mayun 2023 ana iya gyara saƙo da Edit cikin minti 15, amma zai fito da alamar Edited. Delete for everyone yana aiki har kimanin kwana biyu, amma yana barin shaidar cewa an goge wani abu, kuma wanda ya ga shaidar yakan ƙiyasta abin da ya fi wanda aka goge muni. Don haka idan an riga an karanta, gogewa ba magani ba ce. Magana zarar bunu ce. Abin da ya fi shi ne saƙo na biyu, gajere: "Yaya, a yi haƙuri, ina cikin kasuwa ne na amsa a gurguje. Inci 25 ne." Alamomin da ke nuna ana bukatar wannan ba su da wuyar ganewa: wanda ya saba amsawa da jimla ya koma "To." ko "Na gode." kawai, ko ya koma aiko yaro da tambayar da a da shi ke yi da kansa.

Akwai masu ganin duk wannan ɓata lokaci ne, aiki aiki ne, wanda ya ji haushin kalma biyu shi ke da matsala. Suna da gaskiya ta fuska ɗaya: laushin da ya wuce kima yana kashe saƙo. Idan kaya dole ne su fita ranar Alhamis, aka rubuta "idan an samu dama a ɗan taɓa rigar nan", to an yaudari abokin aiki, kuma ranar Alhamis faɗan zai fi girma. Mizanin shi ne a bar adadi da rana da abin da ake so a tsaye ƙyam, a sassauta abin da ya shafi mutuncin mutum kawai. "Yaya, Alhaji zai zo karɓa Alhamis bayan La'asar, don Allah a gama kafin nan" ba ta rage komai daga wa'adin ba.

Maɗinki ba ya sa almakashi sai ya sake ɗora tef a kan yadi, domin ya san abin da aka yanke ya yanku. Amsar da za ta je hannun wanda za a sake zama da shi gobe a benci ɗaya ta cancanci irin wannan awo na biyu.