Kashi 90 Cikin 100 Na Mene Ne?



Duk shekara abu ɗaya muke maimaitawa. Gwamna ya sa hannu a kasafin kuɗi, a ce an ware wa lafiya biliyan kaza, sai hoton ya cika wayoyinmu, wasu har su kawo shawarar a tashi tawaga ta kai godiya. Bayan wata shida matarka ta je awo a ƙaramin asibitin unguwa, a rubuta mata magani a ce ta je kemis ta saya. Daga nan sai zagi ya koma kan nas, wai ita ta sayar da maganin, ko kuma a ce don an ga mu Hausawa ne. Ni ban yarda da godiyar ba, ban kuma yarda da zagin ba, domin duka biyun ba mu buɗe takardar da ya kamata ba.

Takardar ita ce rahoton aiwatar da kasafi, wanda ake fitarwa duk bayan wata uku. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta wajabta wa gwamnatin tarayya wallafa shi, jihohi ma suna sa nasu a shafukansu. Lamba uku za ka nema a gaban sunan shirin: abin da majalisa ta amince, abin da aka saki, da abin da aka kashe.

Mu ƙaddara akwai shirin magani kyauta ga masu juna biyu. Majalisa ta amince da naira miliyan 500. Baitulmali ya saki miliyan 150. Ma'aikatar lafiya ta kashe miliyan 135. Sai jami'i ya fito rediyo ya ce an aiwatar da shirin kashi 90 cikin 100. Bai yi ƙarya ba. Miliyan 135 cikin miliyan 150 kashi 90 ne cif. Amma ɗauki kalkuletar wayarka ka raba 135 da 500, za ka samu kashi 27 kacal. Wato cikin mata goma da aka yi wa alkawari, kuɗin da aka kashe bai kai na uku ba. Don haka duk wanda ya ambata maka kashi, tambaye shi: kashin mene ne, na abin da aka amince ko na abin da aka saki?

Amfanin raba lambobin shi ne ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Miliyan 350 ɗin nan ba su taɓa barin baitulmali ba. Nas ba ta gan su ba, kwamishinan lafiya ma bai gan su ba. Tambayarsu tana wurin ma'aikatar kuɗi da akanta janar. Miliyan 15 da suka rage ne ke wuyan ma'aikatar lafiya, kuma ko su sai ka duba watan da aka saki kuɗin. Idan a Disamba ne, yaushe za a tallata kwangila, a kawo magani, kafin shekara ta rufe a mayar da ragowar asusu?

Kalmar "an saki" ita kanta tana da ramuka. Akan ba ma'aikata waranti, wato takardar izinin kashe kuɗi, alhali tsabar ba ta shigo ba. Shi ya sa rahotannin tarayya ke bambanta abin da aka saki da abin da kuɗi ya mara wa baya. Akwai kuma kasafin da aka yi wa kwaskwarima a tsakiyar shekara: a rage miliyan 500 zuwa 200, sai ka ga 135 ta tashi daga kashi 27 ta haura 67, ba tare da an ƙara ƙwayar farasitamol ɗaya ba.

Na san masu cewa gwamnati ba ta samu kuɗin shiga yadda ta yi tsammani ba. Hakan na faruwa. To a buɗe shafin gidan gwamnati a wannan rahoton, a ga kashi nawa aka saki na tafiye-tafiye da sayen motoci. In can ma kashi 30 ne, mun yi shiru. In kuwa can an kusa cikawa, ba talauci ba ne, zaɓi ne aka yi, kuma matanmu aka zaɓa su jira.

Shi ma "an kashe" ba ya nufin magani ya iso. Cikin miliyan 135 ana iya samun taron bita a otal, da alawus, da man mota. Rahoton ba zai nuna maka kwali nawa ya shiga asibitin unguwarku ba. Wannan sai an je an ga kundin sito, an haɗa shi da abin da takarda ta ce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wasiƙar neman bayani, kuma ba a tambayar mai wasiƙa asalin jiharsa.

Shawarata ga shugabanni: tawagar godiya ta dakata. A zaman wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan zo da rahoton wata ukun da suka wuce a buge. Masu kalkuleta su zo da ita, iyayenmu mata kuma su zo da rasit na maganin da suka saya.

Sakataren Ƙungiya