Waiwaye: Littafin dala a shagon kayan noma

Mu da muka tasa a Funtuwa lokacin da auduga ke da daraja, mun san zamanin da ba wanda ke tambayar farashin dala. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya, alhazanmu su je Makka su canza kuɗi suna taƙama. Sai ga tsarin Babangida a watan Satumba na 1986, aka fara gwanjon kuɗin waje, dala ta haye wajen naira huɗu. A zamanin Abacha gwamnati na cewa naira 22, 'yan canji na cewa tamanin da ɗoriya. Tun daga nan muka saba da farashi biyu, na takarda da na hannu, kuma ɗan kasuwa irin namu da na hannu yake rayuwa.

Ina da wani amini a garin nan mai shigo da famfon feshi da injin ban ruwa daga Sin. Ba babban attajiri ba ne, rabon kwantena yake yi da wasu mutum biyu. Manoman Bakori da Ƙafur da Malumfashi su ne masu cinikinsa, da masu tumatir na Ɗanja idan rani ya yi. Mahaifinsa ya bar masa wata al'ada da yawancinmu muka manta. Akwai wani littafi mai baƙin bango a aljihun teburin shagon, kullum da hantsi da kuma bayan la'asar a kira mutum uku, biyu a Wapa ta Kano, ɗaya a Zone 4 ta Abuja, a rubuta nawa suke saye, nawa suke sayarwa. Tsohon kan ce farashin da bakin mutum ɗaya ya faɗa labari ne, sai na uku ya zo ake kiransa farashi.

Yau kuwa waya ta sa mun yi kasala. Hoton allo ya faɗo a zauren WhatsApp, ba kwanan wata, ba sunan wanda ya saya a haka, sai mu kama. Wasunmu sun tuna watan Satumba na 2021, da Babban Banki ya taso wa shafin abokiFX har ya daina buga farashi. Masu dogara da shi kaɗai suka wayi gari kamar makaho ya yar da sanda, mai littafi kuwa ya ɗaga waya ya kira mutanensa kamar kullum.

Amma littafin ma bai cece shi ba a 2024, kuma a nan labarin yake. A farkon Janairu ya yi odar kaya na dala 10,000. Bisa al'adar masana'antun can, ya ba da kafin alƙalami kashi talatin cikin ɗari, dala 3,000, a kan wajen naira 1,250. Ragowar dala 7,000 sai kaya sun kammala, wato can cikin Afrilu, tunda masana'antun sun tafi hutun sabuwar shekararsu. Cikin Fabrairu dala ta kama gudu. Da hantsi a rubuta lamba, kafin la'asar ta zama tsohon zance, har aka doshi naira 1,900. Na same shi a shago wata ranar, shayinsa ya huce da yana a kai, yana ta juya shafi ɗaya gaba da baya.

"Malam, wannan abin dubu biyu da ɗari biyar za shi," in ji shi. "Gara in ji zafin yau."

Ya sayar da masarar da ya ajiye, ya haɗa da kuɗin shago, ya sayi dala 7,000 ɗin nan a tashi ɗaya a kan 1,850, naira miliyan 12 da dubu 950. Bayan ƙaramar Sallah, lokacin da biyan ya zo da gaske, dala tana wajen 1,150. Da ya jira, miliyan takwas da dubu hamsin zai biya. Naira miliyan huɗu da dubu ɗari tara suka tafi ba ɓarawo ba gobara. Abin da ya fi ciwo, maƙwabcinsa da ya biya a makare ya kawo irin famfon nan ya karya farashi, shi kuma dole ya bi.

Kada mu yi masa dariya, domin cikin Mayu dala ta sake komawa wajen 1,500, wanda ya zauna jiran ta ƙara sauka shi ma ya sha. Ba wanda ya san gobenta. Kuskurensa shi ne yana da ido a kan farashi, amma bai taɓa yanke tun da wuri abin da zai yi idan farashin ya motsa ba, sai tsoro ya yanke masa.

Bayan wannan ne ya ja layi biyu da jan biro a littafin, ya ɗora ɗansa a kan aikin. Layin farko na yini ne. Idan farashin sayarwa ya matsa da kashi biyu cikin ɗari tsakanin rubutu da rubutu, wato naira talatin idan ana 1,500, yaron ya kira shi ko yana gona. Da farko naira goma ya sa, sai wayar ta dame shi har ya daina ɗagawa, kun san ihun da ake yi kullum ba ya fito da maƙwabta. Layi na biyu daga ribarsa ya ciro shi. Kayan dala 10,000 a kan 1,500 miliyan goma sha biyar ne, ribar da yake sa rai miliyan ɗaya da rabi. Ke nan ƙarin naira 150 a kan kowace dala ya cinye ribar ƙurmus. Saboda haka da zarar an yi rabin wannan tafiya, naira 75 daga farashin da ya yi lissafi da shi, ko a kwana ɗaya ko a wata guda, sai a kira shi. Wannan layin ne ke kama hawan da ke zuwa a hankali, naira biyar yau, bakwai gobe, wanda layin yini ba ya gani. Kuma duka biyun suna aiki sama da ƙasa, domin saukar dala ma tana karya mai kaya a shago.

Akwai alamar da ke riga lamba zuwa, wadda tsoho ya sani. Ranar da kasuwa ke kwance, tsakanin saye da sayarwa bai wuce naira biyar zuwa goma ba. Idan ratar ta buɗe ta kai talatin ko hamsin, ko ɗan canji ya ce "Alhaji, bari in sake kiranka", to su ma ba su san inda aka dosa ba. Ranar ba ta babbar saye ba ce.

Idan kira ya zo, abin yi a rubuce yake a bangon littafin. A tsayar da ba da kaya bashi sai kaka, domin manomin da ya ɗauki inji a Yuni ya biya a Nuwamba da naira zai biya, ba ruwansa da dala. A sake sa farashi bisa kuɗin da za a sayo wani kayan, a manta da kuɗin da aka sayo wannan. Dalar biya kuma a raba ta uku tsakanin ranar oda da ranar biya. Mun zauna mun lissafa na 2024: da ya saya a 1,850 da 1,600 da 1,200, tsakaicinsu 1,550 ne, da miliyan biyu da dubu ɗari ta tsira. Asara dai tana nan, amma irin wadda shago ke iya ɗauka.

Ranar Litinin da ta wuce na biya ta shagon da la'asar. Yaron na tsaye da waya a kunne da biro a hannu, yana cewa, "Baba, saye nawa? To sayarwa fa?" Ya rubuta, ya dubi jan layin, ya rufe littafin ya koma ɗaure wa wani manomi famfo a bayan babur.