Zuwa ga masu haɗa kwamfutocin gem: kada katin zane ya taɓa rufi



Ƙorafi biyu ne suke yawan zuwa teburinku, kuma galibi daga bakin mutum ɗaya. Yau ya ce hoto yana tsagewa a tsakiya duk lokacin da ya juya kyamara. Ku kunna masa V-Sync, gobe ya dawo ya ce hannu ya yi nauyi, yana danna linzami harbin yana fita a makare. Da yawanmu a nan muke ɗaga kafaɗa mu ce ai dole a zaɓi ɗaya. Ni ban yarda dole ba ne, in dai an gane inda jinkirin yake ɓuya.

Monita mai 60 Hz tana zana hoto daga sama zuwa ƙasa sau 60 a daƙiƙa, kowane zane yana cin milisakan 16.7. Katin zane kuwa ba ruwansa da wannan agogo. In ya gama sabon firem alhali monita ta kai rabin allo, sai ya miƙa mata, ta ƙarasa ƙasa da sabon hoto, sama kuma tsohon ne. Mahaɗar nan ita ce tsagar da kwastoma yake gani. V-Sync yana hana musayar sai monita ta gama zane, shi ke nan tsaga ta tafi.

To ina nauyin hannu ya fito? Daga layi. In katin yana iya firem 200 amma monita 60 kawai take karɓa, waɗanda aka gama sai su jeru suna jira, gem ɗin kuma ya riga ya karanta motsin hannun ɗan wasa tun lokacin da ya fara haɗa kowannensu. Kamar mai shayi ne da ya zuba kofi uku tun kafin masu sha su zauna: kowa zai samu, amma mai sanyi. Firem biyu ko uku a layi kan 60 Hz sun kai milisakan 33 zuwa 50, kuma yaron da ya saba da gem ɗin harbi yana jin wannan a yatsunsa. Saboda haka aikinmu shi ne hana layin taruwa, ba faɗa da V-Sync ba.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Monita ce mai 144 Hz da FreeSync, iyakar aikinta daga 48 zuwa 144, an haɗa ta da katin Nvidia. Tun Janairun 2019 Nvidia ta yarda katunanta, daga jerin GTX 10 zuwa sama, su yi aiki da irin waɗannan monitoci a ƙarƙashin sunan G-SYNC Compatible. Ku yi amfani da kebul ɗin DisplayPort, domin a kan tsofaffin katunan nan HDMI ba zai ba ku ba. Ku fara kunna FreeSync ko Adaptive-Sync a maɓallan jikin monitar kanta, don wasu a kashe suke zuwa daga kwali, sannan ku shiga NVIDIA Control Panel ku kunna a Set up G-SYNC. Yanzu monita ce take jiran katin: firem ya iso, ta zana shi nan take, babu tsaga kuma babu layi.

Amma wannan yarjejeniya tana aiki ne a cikin iyakar 48 zuwa 144 kawai. Da zarar gem ya haura 144, monita ba ta da sauran saurin bi, sai a koma gidan jiya: in V-Sync a kashe yake, tsaga ta dawo, in a kunne yake, layi ya taru. Nan ne ƙayyade firem yake shigowa. Ku sa iyaka a 141, wato uku ƙasa da rufin. Ba a sa 144 daidai ba saboda firem ba sa fitowa a tazara ɗaya. Wani yakan riga lokacinsa, kuma ratar ukun nan ita take ba shi wuri. In gem ɗin yana da nasa wurin ƙayyadewa ku fifita shi, domin yana tsayar da aiki tun kafin a karanta motsin hannu. In babu, ga Max Frame Rate a direban Nvidia, ko RTSS.

Abin da yake ba mutane mamaki shi ne cewa bayan duk wannan, ina ba da shawarar a kunna V-Sync a direba, a kashe na cikin gem. A nan ba layi yake tarawa ba tunda ba a taɓa rufi; aikinsa kawai ya riƙe firem ɗin da ya yi gaggawa, wanda in ba haka ba zai bar siririyar tsaga tana rawa can ƙasan allo. In gem yana da NVIDIA Reflex, kunna shi tare da G-SYNC da V-Sync yana sa iyakar da kansa, za ku ga lamba ta tsaya wajen 138.

Akwai rufi na biyu da aka fi mantawa da shi. A ce katin nan yana ba da 200 a fili, amma in aka shiga hayaƙi da fashe-fashe sai ya faɗo 110. A lokacin iyakar 141 ba ta yin komai, katin yana aiki kashi 99 cikin ɗari, firosesa kuma tana ta tura masa aiki yana taruwa. Layi ya dawo ta bayan gida, ba tare da tsaga ko ɗaya ta nuna muku ba. Ku duba yawan aikin katin a MSI Afterburner lokacin da wasa ya yi zafi. In ya manne a 99, ku kunna Reflex, ko ku rage inuwa da ƙawar hoto, ko ku sauke iyakar zuwa 100. Firem 100 masu tafiya daidai sun fi daɗin hannu a kan lambar da take tsalle tsakanin 110 da 141, kuma a monitoci masu allon VA tsallen nan yakan sa haske ya riƙa ƙyaftawa a wurare masu duhu.

Na san yawancin abin da ke gidajen gem ɗinmu tsofaffin monitoci ne da talabijin masu 60 Hz tsayayye. A kansu zaɓi ya fi ƙunci. Gem ɗin ƙwallo ko na labari, ku kunna V-Sync ku sa iyaka a RTSS ɗan kaɗan ƙasa da ainihin saurin allon, don layi kada ya cika. Amma ku tabbata katin yana riƙe 60, domin a wasu gem in ya kasa sai ya faɗo 30 kai tsaye. Fast Sync na Nvidia da Enhanced Sync na AMD suna zubar da tsofaffin firem su nuna na ƙarshe, sai dai ba sa yin santsi sai katin yana ninka saurin allon sau biyu ko uku. Mai gasar harbi kuwa ku kashe masa komai ku bar shi da tsagarsa, shi ya san abin da ya saya da ita. Talabijin kuma, kafin ku taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan, ku sa ta a Game Mode.

Kada ku miƙa na'ura sai kun gwada. Ku tsaya gaban ƙofa ko turken fitila a cikin gem, ku juya kyamara hagu da dama, tsaga ba ta iya ɓuya a jikin miƙaƙƙen layi. Ku buɗe ma'aunin da ke jikin monita: in lambarsa tana bin ta gem, saitin ya kama, in ta kafe a 144, bai kama ba. Jinkiri kuma ku ɗauki linzami da allo tare a bidiyon waya mai firem 240, ku ƙirga daga dannawa zuwa fitar wutar bindiga. Kowane firem na bidiyon kusan milisakan 4 ne, ku maimaita sau goma a kowane saiti kafin ku kwatanta.

Wassalam,
ɗan'uwanku a sana'a.