Sharhi: Yadda rahoto guda daga Amurka ke sauya farashin dala a sefa cikin mintoci

Ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga Dubai ko Cana ya san abin nan: da safe a faɗa maka farashin dalar Amurka, kafin la'asar a ce maka ya sauya, alhali babu abin da ya faru a Maraɗi, babu abin da ya faru a Yamai. Sau da yawa dalilin yana can Washington, inda ake fitar da wani rahoto ko a sanar da wata shawara, kasuwar canji ta duniya ta motsa kafin mai karanta labarai ya gama karanta kanun. A nan idan mun ce dala, dalar Amurka muke nufi, kada a haɗa da dalarmu ta sefa biyar.

Mu fara da abin da ya ɗaure mu da wannan magana. Tun ranar 1 ga Janairun 1999 kuɗinmu na sefa a ɗaure yake da yuro, kan farashi guda da ba ya motsi: yuro ɗaya sefa 655 da ɗigo 957, wato kusan 656. Ita kuwa yuro ba a ɗaure take da dala ba, kasuwa ce ke yanka musu farashi dare da rana. Wannan farashin shi ne ake gani a fuskar waya an rubuta EUR/USD, kuma lambar da ke gabansa tana faɗin dala nawa ke sayen yuro guda. To in kana son sanin dala nawa take a sefa, sai ka raba 656 da wannan lamba. Lambar ta hau, dala ta yi mana sauƙi. Lambar ta sauka, dala ta yi mana tsada. Babban bankinmu na BCEAO da ke Dakar ba sai ya ce uffan ba.

Ranar Juma'a, 2 ga Agustan 2024

Kowane wata, galibi Juma'ar farko, ofishin ƙididdiga na ma'aikatar ƙwadagon Amurka yana fitar da rahoton ayyukan yi da ƙarfe takwas da rabi na safe agogon Washington. A wurinmu ƙarfe ɗaya da rabi na rana ke nan daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, ƙarfe biyu da rabi a sauran watanni, wato daidai lokacin da hankalin jama'a ke kan sallar Juma'a. Rahoton yana faɗin sababbin ayyuka nawa aka samu a watan da ya wuce, ban da na gona, da kuma kaso nawa cikin jimillar masu aiki da masu neman aiki ne ba su samu aiki ba.

A wannan rana masana tattalin arziki suna jiran a ce an samu ayyuka wajen dubu 175 a watan Yuli. Sai rahoto ya ce dubu 114. Rashin aikin yi kuma ya tashi daga kashi 4.1 cikin ɗari zuwa 4.3. Nan take dala ta fara faɗuwa. Yuro da ta wayi gari a kusan dala 1.08, kafin a tashi kasuwa ta haura 1.09, kuma babban tsallen farko an yi shi ne a mintocin da suka biyo bayan rahoton.

Mutum zai ce ai ɗigo ɗaya ne kawai. Mu kawo shi gida mu gani. A kan 1.08, dala guda tana kama sefa 607 da ƴan kai. A kan 1.09 ta koma kusan sefa 602. Ɗan kasuwar da zai biya dala dubu 20 na kaya, da safe lissafinsa miliyan 12 da jika 147, da yamma miliyan 12 da jika 36. Bambancin jika 111 ne, ban da ladan banki ko na mai canji. Wanda zai biya ya samu sauƙi a ranar, wanda ke riƙe da dala yana jiran ya mayar sefa kuwa ya yi asarar daidai wannan adadi. Mai biya da dirhamin Dubai ma abin ya shafe shi, domin dirhami a ɗaure yake da dala kamar yadda sefa take ɗaure da yuro.

Me ya haɗa aikin yi da farashin dala?

Igiyar da ta haɗa su ita ce kuɗin ruwa. Masu manyan kuɗi na duniya, bankuna da asusun fansho da kamfanonin inshora, suna kai dukiyarsu inda za ta fi kawo musu riba. A lokacin, kuɗin ruwan Babban Bankin Amurka yana tsakanin kashi 5.25 da 5.50, na ajiya a Babban Bankin Turai kuma 3.75. Wannan rata ce ke sa mutane su riƙe dala. Shi kuma bankin na Amurka doka ta ɗora masa nauyi biyu: ya tsare farashin kaya, ya kuma kula da samuwar aikin yi. Da zarar an ga aiki na ja da baya, kowa ya san bankin zai rage kuɗin ruwa don kasuwanci ya farfaɗo. In ya rage, ratar ta tsuke, riƙon dala ya rage armashi. Ƴan kasuwar canji ba sa jiran ranar da za a rage ɗin, tun yau suke sayarwa.

Akwai abu na biyu da ke ruɗa mutane. Ayyuka dubu 114 ai ƙari ne, don me dala za ta faɗi? Dubi kasuwar hatsi. In damina ta yi kyau, tun kafin a yanke gero farashin tiya yake sauka, saboda kowa ya riga ya sa kakar a lissafi. Ranar da sabon hatsi ya shigo kasuwa, abin da zai motsa farashi shi ne ya zo fiye ko ƙasa da yadda aka zata. Haka take a nan. An riga an saka dubu 175 cikin farashin dala tun kwanaki kafin rahoton. Giɓin dubu 61 da ba a yi tsammani ba shi ne sabon labari, shi ne kuma ya girgiza kasuwa.

Don me abin ke faruwa da sauri haka?

Da farko, kowa ya san rana da sa'a, kuma ana sakin alƙaluman ga duniya duka a daƙiƙa guda. Manyan bankuna suna da na'urorin da aka shirya tun da wuri: in adadi ya yi ƙasa da kaza, sayar da dala. Na'urar tana karantawa ta sayar kafin ƙiftawar ido.

Sannan gab da lokacin, dillalai da yawa suna janye tayinsu daga kasuwa don kada rahoton ya rutsa da su. Kasuwa ta yi fayau, masu saye kaɗan ne. Idan masu sayarwa suka yi caa a lokaci guda, farashi ba ya sauka taki-taki, tsalle yake yi. Ga kuma mutanen da suka bar umarni cewa in farashi ya kai wuri kaza a rufe cinikinsu don tsayar da asara. Tsallen farko yana taɓa waɗannan umarni, su kuma su ƙara tura farashin gaba.

Ranar yanke shawara ma haka

Makonni bakwai bayan nan, ranar 18 ga Satumban 2024, Babban Bankin Amurka ya rage kuɗin ruwa da rabin maki, zuwa tsakanin 4.75 da 5. Wannan ne ragi na farko cikin fiye da shekara huɗu. An fitar da sanarwar ƙarfe bakwai na dare agogon Nijar, dala ta faɗi nan da nan, domin wasu ƴan kasuwa rubu'in maki kawai suka zata. Bayan rabin sa'a shugaban bankin, Jerome Powell, ya fito gaban ƴan jarida, ya nuna cewa kada a ɗauka haka za a riƙa ragewa kowane zama. Kafin dare ya raba, dala ta maido da abin da ta rasa. Wanda ya bi motsin farko ya saki dalarsa, sai ya ga kasuwa ta juyo ta bar shi a hanya. Ranar shawara motsi biyu ake yi, na sanarwa da na jawabi, kuma ba dole su fuskanci wuri guda ba.

Su kansu alƙaluman ba su zauna daram ba. Dubu 114 ɗin nan na Yuli, wata guda baya aka gyara shi zuwa dubu 89, a rahoton Oktoba kuma aka sake mayar da shi dubu 144. Kasuwa ta yi tsalle a kan lambar da daga baya ta sauya har sau biyu.

Gargaɗi ga matasa masu cinikin canji a waya

Matasanmu da dama sun shiga wannan harka, kuma ana kwaɗaita musu ranar rahoto a matsayin ranar samu. Ga lissafin. Dandalin zai ba ka damar juya ninki ɗari na abin da ka zuba: ka sa dala 100, ka riƙe cinikin dala dubu 10. Motsin 2 ga Agusta wajen kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai, amma a kan dala dubu 10 ya haura dala 90. Wanda ya tsaya a ɓangaren dala a ranar, kusan duk jarinsa ya tafi, kuma galibi dandali yana rufe cinikin tun kafin a kai nan. Alamar haɗarin tana bayyana a fuskar waya: ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa tana buɗewa sosai gab da rahoto. Umarnin tsayar da asara ma a irin wannan lokaci ana iya cika shi a farashin da ya fi wanda ka zaɓa muni, domin farashin ya tsallake wurin. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Ga ɗan kasuwa mai biyan kaya kuwa, abin yi a fili yake. Ka san ranakun: rahoton ayyuka sau ɗaya a wata, zaman Babban Bankin Amurka sau takwas a shekara, na Turai ma sau takwas, kuma duk ana wallafa jadawalinsu tun da wuri. In biyanka ya faɗo kusa da ɗaya daga ciki, ka tambayi banki ko mai canji wane farashi za a yi maka, na sa'ar da kuka yi magana ko na sa'ar da kuɗin ya tafi, a kuma rubuta. In kuɗin na da yawa, raba shi gida biyu, rabi kafin rahoto rabi bayansa, yana rage kaifin kowane ɓangare aka juya.

A lura kuma cewa canjin naira da sefa a Ƙonni ko Ɗan Isa ba ya bin wannan agogo minti da minti. Can abin da ya fi tasiri shi ne halin da naira ke ciki a Najeriya da yawan masu neman kuɗin a bakin iyaka. Amma duk lissafin da ya ratsa ta dalar Amurka, ko kwantena ce daga Cana ko kuɗin makarantar yaro a waje, yana da kyau mai shi ya duba lambar EUR/USD, ya raba 656 da ita, kafin ya amsa farashin da aka faɗa masa.