Cunkoson aji da maki: mu tambayi abin da aka bari a baya

'Yan uwa malamai, sau da dama idan muka nemi a rage cunkoso a azuzuwa, sai a shimfiɗa mana alƙaluma a ce makarantun da suka fi cika su ne suka fi cin jarrabawa. Bai kamata mu ƙaryata alƙaluman ba, kuma bai kamata mu yi shiru ba. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya dace shi ne mu tambayi wane dalili aka bari a wajen lissafin, da kuma ɓangaren da rashinsa ya karkatar da sakamakon.

Tambayoyi biyu sun isa. Shin dalilin da aka bari yana ɗaga maki ne ko yana rage shi? Shin yana ƙaruwa tare da yawan ɗalibai ne ko yana raguwa? Kowace amsa a ba ta alamar tarawa ko ta ɗebewa. Idan alamomin biyu iri ɗaya ne, sakamakon ya karkata sama da gaskiya. Idan sun saɓa, ya karkata ƙasa.

Mu ɗauki kulawar iyaye. Tana ɗaga maki, wannan tarawa ce. Iyayen da suka fi sa ido kuwa su ne ke rububin makarantar da ta yi suna har ta cika maƙil, wannan ma tarawa ce. Ke nan karkatar ta yi sama, ta ƙawata cunkoso. A ƙaddara cewa ƙarin ɗalibai 10 yana rage maki 2, amma azuzuwan da suka fi da ɗalibai 10 suna tafe da kulawar da ta kai maki 3. Mai lissafi zai ga ƙarin maki 1, ya ce cunkoso alheri ne, alhali illarsa ce aka lulluɓe.

Sai dai wuƙar kaifi biyu gare ta. A unguwar da cunkoso ya fi yawa a makarantun talakawa, alama ta biyu ɗebewa ce, karkatar ta yi ƙasa, illar cunkoso ta fito fiye da yadda take. A nan hujjarmu ce aka kumbura, kuma wajibi ne mu faɗi haka. Ban da wannan, ƙa'idar alkibla kawai take nunawa, ba girma ba, kuma dalilai biyu da aka bari suna iya jan sakamako ta fuskoki mabambanta.

Shi ya sa gwajin da aka fara a jihar Tennessee ta Amurka a 1985 yake da nauyi. An rarraba yara ta hanyar ƙuri'a tsakanin azuzuwa masu ɗalibai 13 zuwa 17 da masu 22 zuwa 25. Ƙuri'a ta yanke alaƙar girman aji da halin iyaye, kuma yaran ƙananan azuzuwa ne suka yi fice.

Saboda haka duk wanda ya kawo mana alƙaluma a teburin tattaunawa, mu fara tambayarsa su waye ke cika waɗannan azuzuwa.